Saƙon Da Za Ka Aika Wa 'Yan'uwa Masu Tahowa Biki Daga Ƙasashen Waje

A bikin ƙanwata, gwaggonmu da ke zaune a Ingila ta yi kusan awa uku a tsaye a filin jirgin Abuja da asuba, ga yara biyu, ga akwatuna shida, babu wanda ya zo tarbarta. Mu kuwa muna Kano muna barcinmu, hankali kwance, domin a zatonmu sai gobe za ta iso. Ta ce mana "Talata" za ta zo, muka ɗauka ranar da za ta taso ke nan, ita kuma ranar saukarta take nufi. Layin wayarta na can bai kama a nan ba, lambar da muka ba ta kuwa ta yayanmu ce, wanda shi ne ya fi kowa nauyin barci a gidan. Da kyar ta samu wani bawan Allah ya ara mata waya. Har yau in aka tashi yi mana gori a dangi, da wannan ake farawa.

Tun daga ranar na daina raina ɗan saƙon nan da ake tura wa dangi na waje kafin biki. Mu kan zuba kuɗi a katin gayyata, a yi masa ado da ruwan zinare, a jera kamu da walima da dina, amma abin da mai tahowa daga nesa ya fi bukata ba ya cikin katin. Shi so yake ya san wane filin jirgi zai sauka, wa zai ɗauke shi, a ina zai kwana, kuma wa zai kira idan lamari ya cakuɗe. Shawarata ga duk wanda aka ɗora wa rubuta wannan saƙo ita ce ya tuna inda za a karanta shi karatu na gaske. Za a fara karanta shi ne a falo a London ko Jidda, ana shan shayi, amma karatun da zai yi amfani shi ne wanda za a yi a gaban wurin ɗaukar kaya, bayan an kwana a zaune, cajin waya ya kusa ƙarewa, yaro yana kuka. Duk abin da mutumin nan ba zai iya ganowa cikin daƙiƙa goma ba, kamar ba a rubuta shi ba ne.

Bari in ɗauki biki ɗaya mu bi shi daga farko, don maganar ta fito fili. A ce ɗaurin aure ne a Kano ranar Asabar 27 ga Disamba, kamu ranar Alhamis 25, kai amarya ranar Lahadi. Masu tahowa daga waje gida uku ne: Gwaggo da 'ya'yanta biyu daga London, Kawu daga Jidda, sai wani ɗan baffanmu daga Amurka da matarsa wadda ba 'yar Najeriya ba ce.

Saƙon farko ya kamata ya fita da zarar an tsayar da rana, ko da saura wata huɗu, kuma ba don kujerar jirgi kaɗai ba, ko da yake tikitin Disamba kullum tsada yake ƙarawa. Babban dalilin shi ne takardu. Wanda yake da fasfon Najeriya mai rai ba ya bukatar biza, amma 'ya'yan Gwaggo da aka haifa a can, idan ba a taɓa yi musu fasfon Najeriya ba, a idon hukumar shige da fice baƙi ne kamar kowane Bature, ko da sunan kakansu Malam wane na Gwammaja. Ko dai a nema musu fasfo, wanda yanzu sai da lambar NIN kuma yakan ɗauki makonni, ko a nema musu biza. Daga ranar 1 ga Mayun 2025 gwamnati ta daina ba da bizar nan da ake karɓa bayan an sauka, ta maye gurbinta da wadda ake nema ta intanet kafin a taso, mai suna e-Visa. Ta kuma mayar da katin shiga da na fita abin da ake cikewa ta intanet. Mai neman bizar ziyara yana bukatar fasfo da ya rage masa aƙalla wata shida, da wasiƙar gayyata daga mai masaukinsa, da hoton shafin fasfon mai masaukin. Wannan aikinmu ne na gida, kuma a saƙon farko ya kamata a ce: "Duk mai bukatar wasiƙar gayyata ya turo cikakken sunansa kamar yadda yake a fasfo, Yaya zai sa hannu ya mayar masa cikin kwana biyu." Haka kuma a rubuta cikakken adireshin masauki da lambar waya, domin za a tambaye su a takardun. 'Yan'uwanmu na Kumasi da Akara masu fasfon Ghana ba ruwansu da biza, yarjejeniyar ECOWAS ta ba su damar kwana 90.

Sai maganar allura da magani, wadda mutanenmu na waje suka fi kowa yi wa riƙon sakainar kashi. Najeriya na cikin ƙasashen da ke neman shaidar rigakafin cutar shawara, wato katin nan ruwan ɗorawa. Katin ba ya fara aiki sai bayan kwana goma da yin allurar, saboda haka wanda ya je ana jibi zai tashi ya makara. Tun shekarar 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce allura ɗaya ta isa har ƙarshen rayuwa, don haka mai tsohon kati ya nemo shi kawai. Amma abin da ya fi kati haɗari shi ne zazzaɓin cizon sauro. Gwaggo za ta ce ai ita a nan ta girma, sauron Kano ya san ta. Gaskiya ne ya san ta, sai dai ɗan juriyar da jikin mazaunin ƙasa yake samu yana gushewa idan mutum ya daɗe a inda babu cutar, 'ya'yanta kuwa ba su taɓa samunsa ba. Likitocin Turai sun daɗe da lura cewa masu dawowa daga ziyarar dangi su ne kan gaba a cikin waɗanda ake kwantarwa da wannan zazzaɓi, domin su ne ba sa shan maganin rigakafi. Jimla ɗaya ta isa a saƙon: su ga likitansu kamar wata guda kafin tafiya, saboda wani maganin ana fara shi kwana ɗaya ko biyu kafin a taso, wani kuma makonni biyu zuwa uku, kuma dukansu ana ci gaba da sha bayan an koma.

Daga nan sai tambayar da ta fi kowace muhimmanci, wato ta ina za a shigo. Kano tana da filin jirgin Malam Aminu Kano, mafi daɗewa a Najeriya, kuma yana cikin gari, ba kamar na Abuja ba da ke da nisan kusan kilomita 40 daga tsakiyar birni. Kawu ba shi da matsala, akwai jirgi daga Jidda kai tsaye. Wanda ke Turai ko Amurka kuwa zaɓi biyu gare shi. Zai iya biyowa ta Addis Ababa, ko Alƙahira, ko Doha, ya canza jirgi a can ya sauka Kano. Ko kuma ya sauka Abuja ko Legas, sannan ya shiga jirgin cikin gida. Hanya ta biyun takan fi sauri a takarda, wani lokaci ma ta fi araha, amma a nan ne yawancin wahalar take ɓoye, kuma mai rubuta saƙo ya kamata ya faɗa musu ita tun kafin su biya kuɗi.

Dalilin shi ne, idan tikitinka ɗaya ne tun daga London har Kano, kamfanin jirgin ne ke da alhakin kai ka da kayanka. Idan jirgin farko ya makara ka rasa na biyu, shi zai sake nema maka wani. Amma idan ka sayi tikitin London zuwa Abuja daban, na Abuja zuwa Kano daban, babu ruwan wani da wani. Ka makara, tikitinka na biyu ya bi ruwa. Sannan dole ka bi layin shige da fice, ka jira kayanka, ka wuce kwastan, ka tura kayan zuwa ɓangaren jiragen cikin gida, a sake aunawa. A Abuja ɓangarorin suna kusa da juna. A Legas kuwa tashar ƙasa da ƙasa daban, tashoshin cikin gida daban, sai an shiga mota, kuma tashoshin cikin gidan ma biyu ne, sai mutum ya duba tikitinsa ya ga wacce ce tasa. Wanda ya shekara goma bai zo gida ba ba zai tuna da wannan ba.

Mu yi wa Gwaggo lissafi. Jirginta ya tashi daga London daren Litinin 22 ga wata, tafiyar kamar awa shida ce, ya sauka Abuja da asubahin Talata 23. A ba ta awa biyu tsakanin shige da fice da jiran kaya, domin Disamba ne, jirgi cike yake, kowa da lodinsa. Idan aka saya mata jirgin Kano na ƙarfe bakwai na safe, caca aka yi. Na ƙarfe goma sha ɗaya ko na azahar ya fi, ko da za ta gaji da zama. Sai nauyin kaya. Tikitin ƙasashen waje zuwa Najeriya yakan ba mutum akwati biyu masu kilo 23 kowanne, su uku ke nan kilo 138. Jiragen cikin gida kuwa sukan tsaya a wajen kilo 20 ga mutum ɗaya, wani tikitin ma bai kai haka ba. Su uku kilo 60. Saura kilo 78 da za a biya wa kuɗi a kan kanta, da naira, ga shi ita fam ne a jakarta. Mu abin da muka koma yi shi ne mu tura wani ƙanenmu da ke aiki a Abuja ya tare ta, ya karɓi akwatuna uku na tsaraba ya sa a mota zuwa Kano, ita ta hau jirgi da sauran. Duk wannan sai an shirya shi tun da wuri, kuma sai an rubuta shi a saƙon, da sunan wanda zai yi da lambarsa.

Me ya sa Talata, alhali kamu sai Alhamis? Saboda hazo. Daga Disamba zuwa Fabrairu ƙurar hunturu kan rufe sararin Kano har matuƙi ya kasa ganin titin sauka yadda doka ta tanada, sai a jinkirta jirgi daga safe zuwa yamma, ko a soke shi gaba ɗaya, ko a juya shi wani gari. Babu wanda zai iya gaya maka tun wata guda kafin nan ranar da hakan zai faru. Abin da za ka iya yi shi ne ka bar kwana biyu tsakanin saukar baƙo da farkon biki. Idan jirgin Talata bai tashi ba, akwai Laraba. Wanda ya tsara isowa daren Juma'a don ɗaurin auren safiyar Asabar, ya shirya kallon bikin a waya. Kuma a faɗa a saƙon ƙarara cewa idan an soke jirgi da yamma, kada kowa ya yi zuciya ya ce zai kama hanyar Kaduna cikin dare da yara. A kwana a Abuja, a gidan wane, ga adireshi. Titin Abuja zuwa Kano ya kusa kilomita 400 kuma an daɗe ana aiki a kansa. In tafiyar ƙasa ta zama dole, a yi ta da rana, ko a hau jirgin ƙasa daga Idu ko Kubwa zuwa Rigasa a Kaduna, mota ta tare su a can.

Yanzu mu koma kan kuskuren da ya bar gwaggonmu a tsaye, wato rana da lokaci. Maganinsa mai sauƙi ne: kada ka tambayi baƙo yaushe zai zo, ka ce ya turo hoton tikitinsa. Daga tikitin za ka ɗauki abu uku, lambar jirgi, ranar sauka, da lokacin sauka. Lokacin da aka rubuta a tikiti kullum agogon garin da ake magana a kai ne, don haka lokacin sauka a Kano agogon Kano ne, ba sai ka ƙara ko ka rage komai ba. Inda ake tuntuɓe shi ne jirgin tsakar dare. Idan tikiti ya nuna 00:40 ranar Laraba, direba zai fita ne daren Talata, kuma na san gidaje da dama da aka tura mota kwana ɗaya a makare saboda wannan. Sai kuma rubuta kwanan wata da lambobi zalla. Ɗan baffanmu na Amurka idan ya ga 03/04 zai karanta 4 ga Maris, Gwaggo ta karanta 3 ga Afrilu. A rubuta sunan rana da sunan wata da baki: Asabar, 27 ga Disamba. Idan kuma za a kira juna kafin tafiya, a tuna cewa a lokacin sanyi London tana bayanmu da awa ɗaya, a lokacin zafinsu kuma agogonmu ɗaya, Saudiyya tana gabanmu da awa biyu, Ghana tana bayanmu da awa ɗaya.

Lambar jirgin tana da wani amfanin. Da ita mai zuwa tarba zai duba a waya ya ga ko jirgin ya tashi a kan lokaci, kada ya je ya kwana a wajen ajiye motoci. Game da motar kanta, a ƙirga akwatuna kafin a ƙirga mutane. Ƙaramar mota mai ɗaukar fasinja huɗu ba za ta ɗauki manyan akwatuna shida ba ko da an ɗaure but da igiya. Sai babbar mota, ko motoci biyu.

Wa zai je tarbar? A al'adarmu, babba kamar Kawu ba a tura masa direba shi kaɗai, sai ɗa ko ƙane ya bi motar, in ba haka ba za a ji maganar bayan biki. Amma ko wane ne zai je, a tura wa baƙon sunansa, da hotonsa, da launin motar da lambarta. Wannan ba fankama ba ce. Bakin ƙofar fita cike yake da masu "sannu da zuwa Hajiya, kawo in riƙe miki", kuma yaran da aka haifa a waje ba su san fuskar kowa ba. Ƙa'idar da muke bi ita ce mai tarba ne zai fara faɗin sunan baƙon da sunan wanda ya aiko shi, kuma baƙo ba zai bi wanda ya ce "an canza direba" ba sai ya ji daga bakin mai gida. Saboda wannan dalilin ne ma nake ganin bai dace a zuba lokacin saukar mutum da masaukinsa a babban zauren WhatsApp na biki mai mutum ɗari biyu ba, wanda rabinsu ba ka san wa ya saka su ba. Jadawalin biki na kowa ne. Bayanin jirgi da masauki kuwa a tura wa mai shi shi kaɗai.

Lambobin waya a ba da biyu, na mutum biyu daban, kuma kada ɗayansu ya zama ango ko uwar amarya, domin a makon biki wayarsu ba ta hannunsu. A rubuta lambar yadda za ta shiga daga layin waje, wato a fara da +234 a cire sifilin farko. A kuma gaya wa baƙo ya ɗauki hoton saƙon ya adana, ko ya kwafe lambobin a takarda ya sa cikin fasfo, domin ba lallai ya samu intanet a filin jirgi ba. Sayen sabon layi ma ya wuce yadda suka san shi, tun ƙarshen 2020 sai an haɗa layi da lambar NIN. Abin da ya fi sauƙi shi ne mai tarba ya tafi da ƙaramar waya mai layi da kati, ko na'urar raba data, ya miƙa wa baƙon a mota, tare da 'yan nairori na kashewa kafin a kai shi Wapa ya yi canji. Mai ɗauke da kuɗin da ya haura dala 10,000 ko kwatankwacinsa kuwa, doka ta ce ya bayyana wa kwastan.

Maganar masauki ita ce inda kunya ke shigowa ta ɓata lissafi. Mu na gida muna jin nauyin ce wa ɗan'uwa ya sauka a otal, kamar mun kore shi. Shi kuma yana jin nauyin ce mana ba zai iya kwana a gidan biki ba, inda mata talatin ke raba banɗaki biyu, ana daka tun asuba, ana hira har ƙarfe biyun dare. Sai kowa ya yi shiru, a zo a yi ta cin rai a ɓoye. A ganina a ba mutum zaɓi a rubuce, ya ɗauka ba tare da ya ji ya yi laifi ba. Gwaggo da kanta za ta so gidan biki, nan ne hirar take, nan ƙawayenta na ƙuruciya za su same ta. 'Ya'yanta da matar ɗan baffanmu kuwa sun fi bukatar ɗaki mai shiru da gidan sauro da ruwan gora. A faɗi gaskiyar kowane wuri: akwai sola ko janareto, har ƙarfe nawa ake barin shi, akwai ruwan zafi. Ruwan zafin ba wasa ba ne a Disamba, sanyin asubar Kano yakan ba wanda ya zo da tunanin zafin Afirka mamaki, har ya nemi rigar sanyin da ya baro a can. Sannan a fito fili da maganar kuɗi. "An biya muku kwana biyar" da "mun kama muku ɗaki, za ku biya idan kun iso" duk magana ce mai kyau. Wadda ba ta da kyau ita ce a bar mutum ya gano amsar ranar da zai tafi, a gaban ma'aikacin otal.

Idan otal ne, a zaɓe shi da la'akari da nisan gidan biki, kyan hoto ya biyo baya. Wanda aka sauke a Nassarawa ko Bompai alhali ana biki a Rijiyar Zaki zai ƙare makonsa a cunkoson hanya. Adireshi kuma a ba da shi iri biyu, a tura alamar wurin ta taswirar waya, a kuma rubuta kwatance irin namu, "bayan masallacin Juma'a, layi na biyu hannun dama, gida mai baƙar ƙofa", domin direban da zai kai su da kwatancen yake aiki. Akwai kuma wani abu da sai ɗan gari zai tuna. A misalinmu ɗaurin auren ya faɗo Asabar ɗin ƙarshen wata, ranar tsaftar muhalli a Kano, da ake taƙaita zirga-zirga daga ƙarfe bakwai zuwa goma na safe. Idan ɗaurin aure ƙarfe goma sha ɗaya ne, baƙin da ke nesa sa'a ɗaya kacal gare su, tare da duk mutanen garin da suka fito lokaci guda.

Ƙananan abubuwa biyu kafin in kawo samfurin. Wutarmu mai ƙarfin bolt 230 ce, soket ɗinmu irin na Ingila mai baki uku, don haka na London ba su da damuwa, na Amurka kuwa su zo da mahaɗi, kuma na'urar busar da gashi ko dutsen guga na can mai bolt 120 zai ƙone nan take. Na biyu, kayan da za a sa ranar ɗaurin aure da magungunan da ake sha kullum su shiga jakar hannu. Akwati yakan maƙale a Addis Ababa ko Alƙahira ya biyo jirgin jibi. In hakan ta faru, kada a bar filin jirgin sai an cike takardar ƙorafi a teburin kamfanin, da 'yar takardar shaidar kaya da aka manna a tikiti. Anko kuwa a karɓi awo ta waya tun da wuri a kai wa tela, domin babu telan da zai karɓi sabon ɗinki ana jibi kamu, in ma ya karɓa kun san sauran.

Ga yadda saƙon ƙarshe zuwa ga Gwaggo zai kasance, wanda za a tura saura mako guda:

"Assalamu alaikum Gwaggo, barkanku da warhaka, ya sanyi, ya yara? Allah ya kawo mana ku lafiya. Za ku sauka Abuja ranar Talata, 23 ga Disamba, da asuba. Ƙanena da ke Abuja zai jira ku a bakin ƙofar fita, ga hotonsa nan, shi zai fara kiran sunanku. Zai karɓi akwatunan tsaraba ya biyo da su a mota, ya raka ku ɓangaren jirgin Kano na ƙarfe goma sha ɗaya, ga tikitin na haɗa. Idan hazo ya hana tashi, a gidansa za ku kwana, don Allah kada ku biyo mota da dare. A Kano ni da kaina zan zo. Ku a ɗakin Hajiya za ku sauka, yara kuma a gidan Yaya, akwai sola da gidan sauro, ba abin da za ku biya. Kamu Alhamis 25 da la'asar, ɗaurin aure Asabar 27 ƙarfe goma sha ɗaya na safe. Ku sa katin allura da magani da kayan fitar biki a jakar hannu. Lambata da ta ƙanena suna ƙasa, ku kwafe su a takarda. Hajiya na gaishe ku."

Ba shi da tsawo, kuma an jera shi yadda tafiyar za ta gudana, daga sauka zuwa kwana zuwa biki. Ga dattawan da karatun waya ke ba wuya, a bi shi da saƙon murya, amma rubutaccen shi ne madogara, domin ba mai iya laluben lambar mota a cikin muryar minti bakwai. Mutum ɗaya ne zai riƙa tura shi. Idan wani abu ya canza, kada a yi ta ɗigo gyara ɗaya bayan ɗaya a tsakanin barka da addu'o'i, a sake tura saƙon gaba ɗayansa, a rubuta a samansa cewa wannan ya soke na baya.

Saura abu ɗaya da kusan kowa ke mantawa, wato komawa. Ana kai amarya sai gida ya watse, motocin aro su koma ga masu su, kowa ya kwanta jinyar gajiya, baƙon da aka tarba da motoci uku ya tsaya neman wanda zai kai shi filin jirgi. Hazon da ya yi barazana ranar zuwa yana nan ranar tafiya, kuma wannan karon jirgin London ne za a rasa. Wanda zai tashi daga Abuja ya bar Kano kwana ɗaya kafin ranar, ya isa filin jirgi awa uku kafin tashi. Masu ba da sallahu su sani Ingila da Amurka ba sa yarda a shigar musu da nama, don haka kilishi da dambun naman da aka ɗura wa Gwaggo na iya ƙarewa a kwandon kwastan, wani lokaci har da tara. A gaya mata kuma duk zazzaɓin da ya kama ta ko yaran bayan sun koma, ko da bayan watanni ne, ta faɗa wa likita cewa daga Najeriya suke. Idan kai ne mai rubuta saƙon a gidanku, ka sa sunan wanda zai mayar da baƙi filin jirgi tun a saƙon da ka sa sunan mai tarbarsu.